Wasiƙar ƙorafi zuwa ga manajan kamfanin inshorar motata

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin na gaji da sintiri tsakanin Aboabo da ofishinku na Adum.

Wata uku ke nan da wata tirotiro ta daki bayan motata a mahaɗar Anloga, nan Kumasi. Kafin a matsar da motocin na ɗauki hoto: yadda suka tsaya a kan titi, lambar kowacce, wurin da ya lotse, da takardar inshorar da ke manne a gilashin tirotiron. Na danna *920*57# na sa lambarta, na ga inshorarta ba ta ƙare ba. Daga nan muka tafi wurin 'yan sandan MTTD masu kula da zirga-zirgar motoci, kowa ya ba da bayaninsa, aka auna wurin, jami'in DVLA, hukumar lasin tuƙi da rajistar motoci, ya duba motocin. Washegari na sanar da ku, tunda cikakkiyar inshora na yanka, wadda ke biyan ɓarnar motata ko da laifin na wani ne.

Duk abin da kuka nema na kawo: fom ɗin neman diyya, rahoton 'yan sanda, kwafin lasin tuƙi, katin ɗan ƙasa, hotuna, da lissafin gyara na sidi 18,400 daga makanikena a Suwame Magazin. Kuka ce kada a taɓa motar sai mai kimanta ɓarna ya gani. Na bi. Sai da ta yi kwana goma sha ɗaya tana shan ƙura kafin ya zo.

A nan aka fara yi mini yankan baya. Ya rage lissafin zuwa sidi 13,000, wai bamba da fitilun baya ba sababbi ba ne, don haka kuɗin na hannu za a biya. Har yau ban ga rahotonsa ba, balle in san farashin da ya sa wa kowane kaya. Sannan kuka cire kashi 10 cikin 100, kason da mai mota ke ɗauka da kansa, saura 11,700. Wannan kam yana cikin yarjejeniya, ban musa ba, ko da yake wakilinku bai ambace shi ba ranar da yake karɓar kuɗina.

Na sa hannu a takardar sallama, wadda ke nufin na yarda da adadin kuma ba zan nemi ƙari ba, don kawai an ce mini da sa hannu kuɗi zai fita. Yau mako shida. Makanike ya gama aiki da bashi, ya riƙe makulli, ni kuma kullum "gobe" nake ji.

Abu biyu nake nema: kwafin rahoton mai kimantawa, da sidi 11,700 a asusuna cikin kwana bakwai. In ba haka ba, zan kai takardun nan gaba ɗaya sashen karɓar ƙorafi na Hukumar Inshora ta Ƙasa, NIC.

Na gode,
Mai inshora da ku, daga Aboabo, Kumasi