Rahoton Kwamitin Gini: Rajistar Haɗurra a Aikin Azuzuwan Islamiyya

Bayan gaisuwa ga iyayenmu malamai da dattawan unguwa, kwamiti na sanar da cewa an kammala azuzuwa biyu da makewayi da aka fara a Janairun 2024, an kuma rufa kwano kafin damina ta sauka.

Tun ba a haƙa harsashi ba muka zauna da injiniya da babban magini, kowa ya faɗi abin da yake tsoron zai ɓata aikin. Sakatare ya rubuta kowanne a layinsa: haɗarin, alamar da ke nuna ya kusanto, matakin da za a ɗauka, da sunan mutum ɗaya da zai sa masa ido. Sai a ba kowane haɗari maki biyu, daga 1 zuwa 5: na yiwuwar aukuwa da na girman ɓarna. A ninka su, abin da ya kai 15 ya hau sahun gaba.

Tashin kuɗin siminti ne ya zo na ɗaya, yiwuwa 5, ɓarna 4, wato 20, ganin yadda kaya ke hawa tun cire tallafin mai a 2023. Ma'aji ya sayi na harsashi da linta tun farko. A Fabrairu buhu ya haura naira 10,000, mu kuwa namu na ajiye. Sai dai ajiyar ta haifo nata haɗarin, domin siminti na daskarewa in ya sha danshi ko ya wuce wata uku. Muka buɗe masa sabon layi, aka jera buhunan kan katako nesa da bango.

Iskar farkon damina da ke yaye rufi ta samu 16, shi ya sa aka ɗaure katakon rufin da rodin da aka bari a jikin linta. Raguwar aiki a azumi ta samu 8 kawai; jadawali aka sassauta mata.

Inda aka yi muhawara shi ne ramin masai. Faɗawar yaro ciki ta samu yiwuwa 2, ɓarna 5, jimla 10, ƙasa da ruɓaɓɓen bulo mai 12. A lissafi ke nan bulo ya fi gaggawa, alhali almajirai na zirga-zirga a filin safe da yamma. Bulon da aka ƙwari siminti ana gane shi, yana marmashewa a hannu, a mayar wa mai shi. Rai kuwa ba a mayarwa. Kwamiti ya yanke cewa duk abin da ɓarnarsa ta kai 5 ya hau sahun gaba ko nawa jimlarsa. A ranar aka kewaye ramin da tsohon kwano.

Kowace Asabar ake sabunta makin. Layi ɗaya ne ba a rufe ba: zaizayar ruwa a gindin bangon gabas, mai maki 9. An miƙa shi ga shugaban makaranta tare da rajistar, za a sake dubawa bayan ruwan Agusta.