Wasiƙa Zuwa Ga Aminina, Kan Takardar Auta

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma sanyin garin naku bai hana ka fita masallacin asuba ba, ko da yake na san tun muna makaranta ba sanyi ne ke hana ka ba. Abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru shi ne Auta ya samu gurbin sanin makamar aiki a wani kamfanin casar shinkafa a nan Kano, kuma tunda ɗan yayarka ma yana ajin ƙarshe, na ga ya dace ka ji yadda aka yi.

Ka san ya riga ya yi SIWES ɗinsa, shirin nan na sanin makamar aiki ga ɗalibai da hukumar horas da ma'aikata ta ITF ta kafa a 1973, wanda makaranta ke ba ɗalibi takarda da littafin rubuta ayyukan yau da kullum. Wannan karon babu ko ɗaya, domin shi ne ya ga hutu zai wuce a banza, kuma aikin bincikensa na kammalawa a kan shinkafa yake. Babu abin da ya wajabta wa kamfani karɓarsa, saboda haka takardar neman gurbin da zai rubuta ce kaɗai za ta yi masa magana.

Ta farkon da ya kawo mini cike take da cewa shi mai ƙwazo ne, kuma a shirye yake ya yi kowane aiki a kowane lokaci. Na ce masa manajan da ya karanta wannan dole ya zauna ya nemo masa sashe, ya zaɓa masa rana, ya kuma gano abin da ya iya, kuma mai tireloli a bakin ƙofa ba shi da wannan sukunin. Muka sake ta, ta koma shafi ɗaya.

A sakin layi na farko ya faɗi cewa yana ajin ƙarshe a fannin kimiyyar abinci, yana neman mako huɗu a sashen duba inganci, daga Litinin 3 ga Nuwamba zuwa Juma'a 28 ga wata, kuma ba zai wuce haka ba saboda komawa makaranta. Ba da ka ya zaɓi lokacin ba, domin kaka ce, shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, na shigowa da yawa, kuma kowace mota sai an auna danshinta kafin a sauke.

Sai ya zo kan abin da ya iya, a nan kuwa muka yi doguwar muhawara. Ya rubuta cewa ya iya auna danshi da na'urar hannu, ya kuma iya tabbatar da awon ta hanyar busarwa: idan giram 10 ya koma 8.6 bayan ya bushe ƙarau, danshin kashi 14 ne cikin ɗari, wanda shi ne gwargwadon da ake so wajen casa. Idan ya yi yawa shinkafa takan yi fumfuna a sito, idan ta bushe fiye da kima kuma takan karye a inji. Ya ƙara da cewa ya iya ware karyayya daga cikakkiya ya fitar da kasonta, ya shigar da sakamakon a Excel. Ya so ya saka injin tace launi cikin abin da ya iya, na hana shi, domin kallonsa kawai ya taɓa yi, kuma ranar farko za su gane. Maimakon haka ya sa shi cikin abin da yake so ya koya, tare da turara shinkafa. A ganina wannan rarrabewar ce ta fi komai jan hankalinsu.

Ya rufe da cewa ba ya neman alawus, yana da wurin kwana, kuma ya haɗa takardar shugaban sashensu na makaranta. Hajiya ba ta ji daɗin batun alawus ba, har yanzu tana mita a kan kuɗin mota, amma mako huɗu ne, kuma ni zan ɗauka. Ya kai da kansa wata biyu kafin lokacin, da sunan shugaban sashen inganci maimakon "ga wanda ya dace", ya kuma sa aka buga masa hatimin karɓa a kwafi ɗaya, wanda da shi ya koma bibiya bayan mako biyu.

Ka sa ɗan yayarka ya aiko mini da ranakun hutunsa da abubuwa uku da ya taɓa yi da hannunsa, kada ka rubuta masa da kanka, domin na san tsawon wasiƙunka. A gaida uwargida da yara.

Naka amini.