Zuwa ga abokan cinikinmu: dalilin da ya sa kuke ganin baƙuwar fuska a ƙofa

Assalamu alaikum.

Da yawanku kun tambaye mu me ya sa mai gadin da kuka saba da shi ba ya nan wasu ranaku, wani ne a madadinsa. Lissafi ne ya kawo haka.

Ƙofar da ake tsaro dare da rana tana cin awa 168 a mako, wato zango 14 na awa 12. Mai gadi a wurinmu zango 4 yake yi, awa 48. Masu gadi uku na dindindin za su cike zango 12, saura 2 babu kowa. Waɗannan biyun ne rabon mai canji, wato mai gadin da ke zuwa a madadin na dindindin, shi ya sa mai canji ɗaya ke riƙe ƙofa biyu.

A ce ƙofofi shida ne. Zango 84 ke nan: na dindindin 18 su ɗauki 72, masu canji 3 su ɗauki 12. A takarda an gama, amma mutum yana zuwa hutu, yana kuma kwanciya rashin lafiya. Idan kowane cikin mutum 21 ya rasa mako 4 a shekara, an yi giɓin mako 84, aikin kusan mutum biyu. Don haka ƙofa shida mutum 23 take bukata. Duk wanda ya ce zai tsare muku su da mutum 12, ku sani kowa zai yi awa 84 a mako ba ranar hutu, kuma mai gadin da ya gaji haka, da tsakar dare gyangyaɗi zai yi.

Ba ma tura mai canji wurin da bai sani ba. Sai ya yi zango biyu tare da na dindindin, ɗaya da rana ɗaya da dare, ya ga inda mabuɗai suke, ya san ƙofar baya da waɗanda ke da izinin shiga bayan tashi. Ƙofofin da muke haɗa masa kuma na kusa da juna ne, don nisa ke jawo makara.

Idan mai karɓa ya makara, wanda ke kan aiki ba ya tafiya sai ya miƙa hannu da hannu. Iyakar jiransa awa 2, daga nan mai sa ido ya zo ya tsaya. Ku riƙa leƙa littafin miƙa aiki. In kun ga sa hannun mutum ɗaya a zango biyu a jere, ku kira mu nan take, an samu matsala.

Muna roƙon ku sanar da mu awa 72 kafin taro ko aikin da ke bukatar ƙarin mutum. Buƙatar gaggawa daga masu canji ake cike ta, sai wata ƙofar ta rasa nata.

Mun gode.

Sashen tsara aiki