Kada a haƙa harsashi kafin a san ƙasar fili

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin masu shirin gina gida kan wata al'ada da ke damuna: a ce wa lebura ya haƙa harsashi ƙafa biyu, ko da wace irin ƙasa ce a wurin. Zurfin harsashi da faɗinsa kowanne da aikinsa, kuma ƙasa ce ke yanke su.

Faɗi shi ke raba nauyi. A ɗauka kowace mita ta bango tana sauke tan 5 a ƙasa. Jar ƙasa mai tauri da marmara tana iya ɗaukar kamar tan 15 a kan murabba'in mita, don haka kankare mai faɗin santimita 68, wato ninki uku na bulo mai inci 9, ya isa har da rara. Laka mai taushi kuwa wataƙila tan 5 kawai za ta ɗauka, sai faɗin ya kai mita guda, a kuma sa rodi, domin kankare mai faɗi marar kauri karyewa yake yi.

Zurfi kuma maganin motsin ƙasa ne. Baƙar laka tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke ta dare da rani, kuma a saman ƙasa abin ya fi tsanani. Harsashin da ya tsaya a nan zai riƙa hawa da sauka, har bango ya tsage a karkace daga kusurwar taga. A irin wannan ƙasa a wuce mita guda, a ƙara idan akwai babbar bishiya kusa, saboda saiwarta na tsotse ruwan lakar.

Gane ƙasa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A haƙa ramuka uku ko huɗu, zurfin mita ɗaya da rabi, a gefen inda ginin zai zauna. Ƙasar sama mai saiwoyi ba a gini a kanta. A ɗebo ta ƙasan ramin, a jiƙa, a murza a tafin hannu: idan ta yi doguwar igiya mai danƙo, laka ce, idan ta wargaje, yashi ya fi yawa. Wadda sai da diga take haƙuwa tana da ƙarfi, wadda babban yatsa ke nutsewa a cikinta ba ta da shi. A bar ramin ya kwana, a ga ko ruwa zai tsattsafo.

Abin da na fi tsoro shi ne ciko. Idan aka ga leda, toka ko fasassun bulo, to tsohon juji ne ko kududdufin da aka cike, kuma irin wannan wuri wani gefe yana riga wani lotsawa. A nan, haka ma duk gidan bene, a kira injiniya ya gwada ƙasar kafin a zuba kankare.

Naku,
Wani mai karatu, ma'aikacin gini