Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Da Ya Ja Mana Wayar Wuta A Rukunin Shagunanmu

Ranka ya daɗe Manajan Darakta,

Bayan gaisuwa, na rubuto ne a madadin 'yan hayar rukunin shagunan da kamfaninka ya ja wa wayar wuta a nan Kano, kan amsar da kuka ba mu bayan ƙonewar kayanmu. Kun ce laifin masu ba da wuta ne, aikinku ba shi da aibu. Ban yarda ba, kuma da yake na daɗe ina koyar da aikin lantarki, zan kawo hujjata da lissafi a bainar jama'a, domin akwatunan raba wuta irin namu suna da yawa a garin nan.

Wutar da ta shigo mana mai layi uku ce da waya huɗu: ja, rawaya, shuɗi, sai nutural. Tsakanin kowane layi da nutural bolt 230 ne, tsakanin layi da layi kuma 400. Kowane shago yana jan wuta daga layi ɗaya, ta koma ta nutural, wato haɗin tauraro ke nan, nutural ita ce cibiyarsa. Ma'aikatanku sun sa kebul mai kaurin milimita sikwaya 16 a layukan uku, amma nutural suka sa mata mai 4. Sannan suka jibga mai shagon guga, mai gasa burodi da mai firiza duk a kan jan layi. Injiniyanku da kansa ya rubuta awon da ya yi da yamma: ja amfiya 60, rawaya 25, shuɗi 15.

A wasiƙarku kun ce an haɗa 25 da 15, an cire daga 60, saura 20 da za ta bi ta nutural, don haka ƙaramar waya ta wadatar. Nan ne kuskuren yake. Wannan ragi zai yi daidai ne da a ce rawaya da shuɗi suna tafiya kishiyar ja kai tsaye. Ba haka suke ba. Tsakanin kowane layi da ɗan'uwansa akwai tazarar digiri 120. Kamar mutum uku ne suka ɗaura igiya a zobe ɗaya, kowa ya tsaya a kusurwarsa yana ja. Biyun ba a bayan na farkon suke daidai ba, sun karkata gefe, shi ya sa rabin ƙarfin kowannensu ne kawai yake rage na farkon, sauran kuma junansu suke ja da shi.

Ga yadda ake yi. A ɓangaren da jan layi yake fuskanta, rabin 25 da rabin 15 sun ba da 20, a cire daga 60, saura 40. A gicciye kuma, rawaya da shuɗi ne ke adawa da juna, bambancinsu 10 ne, a ninka da 0.866, a samu 8.66. Waɗannan biyun suna tsaye ne a kan juna kamar kusurwar ɗaki, don haka da ƙa'idar Faisagoras ake haɗa su:

```
x  = 60 − 0.5(25 + 15) = 40
y  = 0.866(25 − 15) = 8.66
In = √(40² + 8.66²) = √1675 ≈ 41 A
```

Amfiya 41 ke nan, ninki biyu na abin da kuka rubuta. Waya mai milimita sikwaya 4 a cikin bututu, abin da take ɗauka lafiya bai wuce kusan amfiya 30 ba, balle a zafin bazarar Kano da ke ƙara rage mata juriya. Kuma babu fis ko bireka a kan nutural da zai yanke idan ta ɗauki fiye da ƙima, birekun layuka kuwa an zaɓe su ne daidai da babban kebul, ba abin da zai sa su faɗi. Haka ta yi ta zafi a ɓoye har robar jikinta ta ƙandare, kusar da ta riƙe ta a akwati ta yi baƙi, daga ƙarshe ta tsinke.

Wannan 41 ɗin ma na ɗauka ne cewa duk kayan irin dutsen guga ne da tanda, waɗanda karent ɗinsu ke tafiya tare da boltej. Injin firiza da na fanka suna jan karent a makare, sai tazarar ta kauce daga digiri 120, amsar ta canza, wani lokaci ta ƙaru. Cajar waya, kwamfuta da ƙwan zamani kuma suna haifar da wani karent mai kaɗawa sau uku fiye da na asali, wato 150 maimakon 50 a daƙiƙa, shi kuwa ba ya soke juna a nutural, taruwa yake yi daga layukan uku. Muna da shagon caji da na buga takardu. Shi ya sa mai aiki na ƙwarai ba ya tsayawa a takarda, sai ya maƙala mita a kan nutural ɗin a lokacin da kowa ya kunna kayansa. Babu wannan awo a rahoton da kuka miƙa mana.

Abin da ya biyo bayan tsinkewar shi ne ya fi ci mini rai, domin shi ne kuke ɗora wa masu ba da wuta. Idan nutural ta yanke, cibiyar tauraron ba ta da abin da zai riƙe ta a sifili, sai ta gusa wajen layin da ya fi nauyi. Da kayan da ke kunne a lokacin, ta gusa da kusan bolt 94. Jan layi ya faɗo wajen 139, rawaya ya hau 274, shuɗi ya kai 301. Ku duba wa ya yi asara. Masu jan layi fitilunsu suka dushe, firiza ta yi ta gurnani ta kasa tashi. Masu shuɗi, waɗanda su ne mafi ƙarancin cin wuta, su ne talabijin, caja da injin buga takardunsu suka ƙone. Da wutar ce ta hauhawa daga taransifoma, da duka layukan sun tashi tare, kuma da maƙwabtanmu da ke kan taransifoma ɗaya da mu sun ji a jikinsu. Babu wanda ya yi ƙorafi a cikinsu. Wani layi ya faɗi, wani ya hau, a gini ɗaya kaɗai, wannan alamar nutural ce da ta yanke a cikin ginin. Guntun wayar da ta ƙone yana hannunmu, duk wanda ya so gani ya zo.

Akwai yaron da ya ci bashi ya buɗe shagon caji, ranar nan wayoyin mutane suka lalace a hannunsa, har yau ana binsa. Kuɗin da kuka tsimi a kan 'yan mitocin kebul bai kai kashi ɗaya cikin goma na asararsa shi kaɗai ba.

Muna neman ku cire wannan waya ku sa nutural mai kauri daidai da layukan, milimita sikwaya 16, a ɗaure ta da kyau a bakin akwati. Ku sake raba shagunan. Jimillar kayanmu amfiya 100 ce, idan aka raba ta 35, 33 da 32, lissafin nan na sama zai ba da ƙasa da amfiya 3 a nutural. Na san ba za ta zauna a haka kullum ba tunda kowa da lokacin da yake kunna nasa, shi ya sa rabon ba zai maye gurbin babbar waya ba, duka biyun muke so. Bayan gyara a auna layukan uku da nutural a gabanmu da yamma, a rubuta, a sa hannu.

Sai diyya. Jerin kayan da suka ƙone da rasiɗansu yana ofishinku. Muna jiran amsa a rubuce cikin mako biyu, in ba haka ba za mu kai awon injiniyanku da wannan lissafi gaban hukuma.

Na gode.

Shugaban 'yan haya,
a madadin masu shaguna