Zuwa Ga Mai Neman Waƙar Huce Haushi Bayan Tashi Daga Aiki

“Oga ya ci min mutunci a gaban abokan aiki, na haɗiye. Na koma gida na sauke a kan ’ya’yana. Wace irin waƙa zan riƙa ji don in huce kafin in isa gida?”

Assalamu alaikum ’yar’uwa. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya yaran.

Shawarata ita ce ki fara da kiɗa mai zafi daidai da zafin da ke jikinki, sannan ki sauko a hankali zuwa mai sanyi. Idan kin fito daga ofis zuciya na bugawa, haƙora a cije, waƙa mai taushi takan ƙara miki haushi ne, domin ba ta yi daidai da halin da kike ciki ba. Masu yi wa marasa lafiya magani da kiɗa sun daɗe da sanin haka. A shekarun 1940 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Ira Altshuler, ya riƙa tarar marasa lafiya da kiɗan da ya dace da yanayinsu, sannan ya sauya shi kaɗan-kaɗan.

A 2015, Leah Sharman da Genevieve Dingle na Jami’ar Queensland a Ostareliya sun gwada mutum 39 masu son kiɗan Turawa mai tsananin hayaniya. An sa su tuno abin da ya ɓata musu rai, sannan wasu suka saurari waƙoƙin da suka zaɓa na minti 10, wasu suka zauna shiru. Kiɗan bai ƙara tunzura masu sauraron ba. Haushinsu ya ragu, sun kuma ji ƙarfin jiki. Sai dai mutanen kaɗan ne, kuma kiɗan da suka saba da shi suka ji. Don haka ki zaɓi naki, wanda kunnenki ya sani, ko kalangu ne, ko kiɗan noma, ko na zamani.

Inda nake so ki fi kula shi ne baitocin. Mu Hausawa muna da tarin waƙoƙin habaici da zambo, na maƙiya da mahassada da ɗan baƙin ciki, kuma su ne hannu ke fara kaiwa gare su a irin wannan rana. Suna da daɗi, amma a ganina su ne mafi haɗari a gare ki. Kowane baiti zai dawo miki da fuskar ogan, ki sake jin maganarsa, ki shiga tsara amsar da ba ki ba shi ba. Brad Bushman ya gwada wannan hali a 2002: ɗaliban da aka ɓata wa rai, aka sa su naushi buhun dambe suna tunanin wanda ya ɓata musu, sun fi waɗanda suka zauna ba su yi komai ba fushi daga baya. Nanata abin a zuci ƙara wa wuta itace ne. Ki nemi waƙar da gangarta ke da zafi amma maganarta na kan noma, ko jarumtaka, ko biki, ko ma wadda ba ki jin harshenta.

Ga yadda zan tsara miki minti 20 na hanya, a ce a adaidaita sahu kike komawa. Waƙoƙi biyu na farko su zama masu sauri, bugu 120 zuwa 140 a minti. Gane hakan ba wuya: ki ƙirga bugun ganga na daƙiƙa 15, ki ninka sau huɗu. Ki bar ƙafa ta bi kiɗan. Ta uku ta sauko wajen bugu 100, kuma ta kasance wadda kika haddace, ki riƙa bin amshi ko da can ƙasa-ƙasa ne, saboda rera waƙa yana tilasta wa mutum sakin numfashi a hankali. Biyun ƙarshe su zama masu sanyi, bugu 60 zuwa 80, irin na gurmi ko garaya. Ki jera su a waya tun ranar da ranki ke fari, don mai fushi ba ya zaɓe mai kyau.

A ƙarshen waƙa ta uku ki duba kanki. Idan kafaɗu sun sauka, muƙamuƙi ya saki, har tunanin abin da za a ci da dare ya shigo, to tsarin ya karɓe ki. Idan kuwa har yanzu kina rigima da ogan a zuci, ko kina maimaita waƙa ta farko, ki cire ta daga jerin ki sa wata.

Kada ki ƙure sauti. Idan mai adaidaita ya yi miki magana ba ki ji ba, ya yi yawa. Ki tsaya wajen kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar. In kuma ke ce ke tuƙi, ki ji masu zafin kafin ki tayar da mota.

Maganar cin mutuncin tana nan, waƙa ba za ta warware ta ba. Ki rubuta abin da ya faru da ranar da ya faru, ki sami ogan ku biyu bayan kin huce, ko ki kai wa na sama da shi. Idan kuma fushin ya zama na kullum har yana hana ki barci, ki ga likita.

Ki gaishe min da yaran.

Naki ɗan’uwa.