Wasiƙa zuwa ga ɗana kan cinikin riɗin nan

Assalamu alaikum.

Ɗana, na karanta saƙon imel da mutanen Legas suka aiko maka, na kuma karanta amsar da ka tsara, kuma ina roƙonka da ka dakata da aika ta har ka gama karanta wannan takarda.

A Dawanau, idan mutum ya yi maka tayin da bai yi ba, "albarka" kake ce masa, fuskarka a sake, shi kuma ya gane ka ƙi ne ba tare da ka kore shi ba. A imel ba a ganin fuska, ba a jin murya, saboda haka maganarka ta cewa tayinsu raini ne za ta zauna a gabansu, su karanta ta yau, su karanta ta gobe, su tura wa maigidansu. Cire ta. Ka gaishe su, ka gode da tayin, sannan ka ce farashin bai kai abin da kayan suka ci ba, kuma kana son a daidaita domin kana fatan hulɗar ta ɗore.

Yanzu mu duba lissafin. Ka sa naira 1,900,000 kan kowane tan, su kuma sun taya 1,700,000 a kan ka kai musu har sitonsu. Riɗin ya tsaya maka a 1,600,000 bayan rairaya da kuɗin buhu, mota da lodi kuma za su ci 70,000 a kowane tan, wato abin da zai rage maka 30,000 ne kawai, kafin a zo ga abin da ke zubewa a hanya da bambancin da ake samu tsakanin sikelinka da nasu. Ka san wannan a ranka, amma kada ka rubuta musu abin da ka sayo kayan, domin daga ranar da suka san shi, ribarka za su riƙa tayawa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kada ka yi ragi ko na sisi ba tare da ka karɓi wani abu a madadinsa ba, kuma ka haɗa ragin da sharaɗinsa a jimla ɗaya, yadda ba za a iya ɗaukar ɗaya a bar ɗaya ba. Ka rubuta kamar haka: "Idan za ku ba da kashi 40 cikin ɗari kafin alƙalami, ku cika sauran cikin kwana uku bayan awo, zan iya sauka zuwa 1,850,000 har Legas. Idan kuwa kun fi son ku turo motarku Dawanau, zan sallama a 1,780,000." Duka biyun abu ɗaya ne a aljihunka, amma ka ba su zaɓi, kuma mutumin da aka ba shi zaɓi yakan koma tunanin wanda ya fi masa sauƙi, ya bar maganar ja da farashi.

Ka fayyace tan 30 ne, a buhu mai kilo 50, ka faɗi tsabtar kayan da iyakar danshinsu, ka kuma faɗi sikelin da za a yi aiki da shi, domin yawancin rigimar da na gani ba kan farashi take tashi ba, a wurin awo take tashi.

Sai wa'adi. Ni da kaina na taɓa rubuta wa wani kamfani farashi ban sa masa rana ba, suka yi shiru mako uku har kasuwa ta tashi, sannan suka amsa cewa sun yarda. Na cika musu don kada sunana ya ɓaci, asarar kuwa har yau ina tuna ta. Ka ce farashin yana nan har ranar Alhamis da yamma, ka ba da dalili, cewa kasuwa tana motsi ne, don kada su ɗauka barazana ce.

Iyakarka 1,800,000 ce har Legas, kuma ka bar ta a ranka tukuna. Kada ka rubuta "farashin ƙarshe" sai ranar da ka isa gare shi da gaske, domin idan ka faɗa sannan ka sauka, ba za su sake yarda da kalmar a bakinka ba. Idan sun tsaya ƙasa da haka, ka ce a wannan karon Allah bai yi ba, za ka sanar da su idan sabon kaya ya shigo. In kuma kun daidaita ta waya, ka rubuta abin da aka tsayar a imel ɗin a ranar, ka nemi su amsa kafin mota ta yi lodi.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ka turo mini sabuwar amsar in gani kafin ka aika. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka